Zuwa ga Maginan Savelugu: Gangarar Dekin da Lissafin Kwalta

Magina da ’yan kwangilar Savelugu, da takwarorinku na Salaga da Yendi da Bawku.

Sau da yawa idan mai gida ya ga kuɗin shimfiɗar kwalta ya zarce faɗin rufinsa, sai a ce masa gangara ce ta jawo. Ba haka ba ne. Gangara daɓe take ci, kwalta kuwa haɗi da gefe ne suke cinye ta, kuma wanda ya cakuɗa lissafin biyu zai gane kurensa a ruwan Agusta da Satumba.

Mu ɗauki dekin mai mita 10 da mita 8. Idan za a kora ruwa gefe ɗaya, a saukar da santimita 1 a kowace santimita 40, to a tsawon mita 8 bambancin tsayi ya kai santimita 20. Daɓen da ya fara da kaurin santimita 4 a bakin indararo zai ƙare a 24, matsakaicinsa 14, wato kubik mita 11.2 na siminti da yashi. Nauyin nan ya haura tan 22, alhali galibi ba a sa shi cikin lissafin rodi ba. Amma idan aka ɗaga tsakiya, ruwa ya rabu biyu ya bi mita 4 kowane ɓangare, kaurin zai tsaya a 14, daɓen ya dawo kubik mita 7.2. Ƙarin indararo ya fi tirelar yashi araha.

Wani zai ce 1 cikin 80 ma ta isa, tunda ita ce mafi ƙarancin da ƙa’ida ta yarda da shi. Gaskiya ne, amma wannan ma’aunin rufin da aka gama ne. Dekin yakan ɗan lotsa a tsakiya bayan an cire katako, hannun mai daɓe kuma ba inji ba ne. Shi ya sa ake auna 40 don a tsira da 80. Ku ja igiya, ku kafa tudun siminti a matsayin alama, in daɓe ya kama ku kwarara ruwa ku ga inda ya kwanta.

Kwalta fa? Gangarar nan ba ta ƙara wa murabba’in mita 80 abin da ya wuce tafin hannu biyu ba. Naɗi ɗaya mita 1 ne da mita 10, amma bayan an ɗora santimita 10 a gefe da 15 a kai, abin da yake rufewa bai cika murabba’in mita 9 ba. Sannan kewayen rufin mita 36 ne, kowace mita tana son ƙyallen santimita 30, rabi a ƙasa rabi a jikin katanga, kusan murabba’in mita 11 ke nan. Jimilla 91, wato naɗi 11, ba 8 ba.

Kada kuma hunturu ya ruɗe ku, domin yana busar da saman daɓe cikinsa na jiƙe. Ku shayar da shi mako guda, ku bar shi ya bushe sosai, in ba haka ba zafin Maris zai tayar da tururi kwaltar ta yi bororo.