Harafi Ɗaya Ya Riƙe Kuɗin Labari: Mu Daidaita Sunayenmu Tun Kafin a Kira Mu



Mukan ɓata dare muna gyaran ƙa'idar rubutu a labaranmu, amma sunayenmu na kanmu mun bar wa wasu su rubuta mana yadda suka ga dama. Kwanakin baya wata 'yar ƙungiyarmu ta sayar da labarinta, aka ce sai an tantance ta kafin a biya. Ta tura katin ɗan ƙasa da lambar asusu, sau uku ana mayar mata. Mu ce sunanta Sa'adatu Abdullahi Musa. A NIN an rubuta SAADATU ABDULLAHI, Musa ne sunan mahaifi. A banki kuwa SAADAT MUSA aka sa, Abdullahi ya koma gurbin sunan mahaifi. Mutum ɗaya, amma a wajen na'ura mutum biyu ne.

Wani zai ce ai laifin na'urar ne, kowa ya san Muhammad da Mohammed suna ɗaya ne. Gaskiya ne, kuma mun yarda tsarin bai yi la'akari da mu ba. Fom ɗin yana neman sunan iyali, mu kuwa wani sunan uba yake sawa, wani na kaka, wani na garinsu. Sai dai na'ura ba ta jin bayani, haruffa take gwadawa gurbi da gurbi. Ra'ayinmu shi ne mu daina jayayya da ita, mu zaɓi rubutu ɗaya mu mayar da komai kansa.

Matakin farko a gida ake yin sa. A shimfiɗa takardar NIN, da takardar haihuwa, da ta makaranta, a kuma nemi banki ya nuna sunan da ke kan BVN, domin ba dole ba ne ya zama ɗaya da wanda ke fitowa idan an turo kuɗi. Wanda ya manta lambobinsa, `*346#` na nuna NIN, `*565*0#` na nuna BVN, daga layin da aka yi rajista da shi. A duba abu uku: harafin da ya ƙaru ko ya ragu, sunan da ya bar gurbinsa, da sunan da ya canza gaba ɗaya, kamar macen da ta koma amfani da sunan miji.

Mataki na biyu shi ne inda yawancinmu muke kuskure, wato jerin gyaran. Daga tushe ake farawa. Idan NIN ce ke da kuskure, ita za a fara gyarawa a wajen hukumar NIMC, wadda ke da shafin gyara da kai, ana biyan kuɗi, a jira har sabuwar takarda ta fito. Sai a je banki da ita a cika fom ɗin gyaran BVN, sannan a gyara sunan asusun. Wanda ya fara da banki alhali NIN ɗinsa ce gurguwa, zai sake komawa layi. Ita Sa'adatu NIN ɗinta ta yi daidai da takardun makarantarta, don haka banki kawai ta je. Saboda an sauya gurbin sunayen, an nemi ta kawo takardar rantsuwa daga kotu da ke cewa sunayen biyu nata ne. Idan kuwa canjin suna ne sukutum, galibi ana ƙara neman sanarwa a jarida.

A lura, takardar rantsuwa ba ta gyara komai da kanta. Shaida ce da ma'aikaci zai dogara da ita ya canza abin da ke cikin na'ura. Saboda haka kada a sake tura neman tantancewa sai an gwada: a sa wani ya shigar da lambar asusun kamar zai tura kuɗi, a ga sunan da ya fito. In tsohon ne, gyaran bai hau ba tukuna.

Lokacin cika fom kuma, a kwafi sunan daga katin harafi da harafi. In katin bai sa alamar hamza ba, kada mu sa don kishin ƙa'ida. Ɗanladi ya rubuta DANLADI, tunda haka katin ya ce. Sunan alƙalami, irin su Ummu Wane da Maman Wance, wurinsa bangon littafi ne, ba gurbin suna a takardar biya ba. Kada kuma a kuskura a shafa hoton kati a waya don a canza harafi. Wannan jabu ne, yana iya jawo rufe asusu, har ma abin da ya fi haka.

Aikinmu na wannan makon ba labari ba ne. Kowa ya ɗauko takardunsa ya karanta sunansa kamar yadda yake karanta rubutun wani yana neman kuskure. Allah ya ƙara basira, sai mako mai zuwa.