Ta'aziyyar Ofis Ba Takardar Neman Hutu Ba Ce

Ma'aikacin da ya rubuta wa abokin aikinsa “A madadin ɗaukacin ma'aikata, muna miƙa saƙon ta'aziyyarmu” ya rubuta sanarwa ne, jama'a, bai yi gaisuwa ba. Wanda ya binne mahaifiyarsa da safe ba ya buƙatar lambar wasiƙa da hatimi. Layi uku sun wadatar: a kira shi yadda aka saba, “Malam, ya haƙuri?”, a ambaci Hajiya da addu'ar Allah Ya jiƙanta Ya gafarta mata, sannan a ce masa kada ya damu da rahoton ƙarshen wata, an karɓa. Tambayar ciwon da ya yi ajalinta kuwa, a bar ta. Saƙon ma ba ya ɗauke zuwa gida cikin kwanaki ukun zaman makoki.