Gyara Kayanka Ba Sauke Mu Raba Ba Ne: Yadda Na Sake Rubuta Wata Takardar Suka

Ni ba Bahaushe ba ne, a aji na koyi yawancin Hausata. Saboda haka na sha jan biro fiye da abokan karatuna da yawa, kuma na san bambancin gyaran da ke ƙara wa mutum ilmi da wanda ke sa shi ya tsani darasi. Duk da wannan sani, ranar da gyara ya faɗo hannuna sai da na kusa yin abin da nake ƙi. Ra'ayina a wannan ɗan rubutu shi ne, idan za ka soki aikin abokin aikinka a rubuce, kada ka aika sai ka iya nuna shafi da layi, ka faɗi illar kuskuren, ka kuma cire naka laifin daga cikin nasa.

A zangon karatun da ya wuce, ina cikin kwamitin tace rubuce-rubucen ɗalibai. An ba wani abokin aikina, Bahaushe ɗan asali, aikin rubuta hirar da muka ɗauka da wani dattijo mai sayar da goro a Sabo. Na sa ran samun aikin ranar Juma'a, sai ya turo shafi huɗu ranar Lahadi da dare. Da na karanta raina ya ɓaci, nan take na rubuta masa wannan:

"Kai dai kullum haka kake, ba ka ɗauki komai da muhimmanci ba. Aikin nan cike yake da kurakurai, ga shi ka makara. Abin kunya ne a ce Bahaushe ne ya rubuta wannan. Ka sake shi duka."

Allah ya sa ban aika ba. Da gari ya waye na karanta shi kamar ni aka rubuta wa, sai na tambayi kaina: in na karɓi wannan takarda, daga wane layi zan fara gyara? Babu amsa. Mu ɗaliban harshe ne, don haka mu dubi nahawun saƙon. Wakilin sunan da ya buɗe shi "kai" ne, wato mutumin nake magana a kansa, ba rubutun ba. Kalmar "kullum" ta mayar da abin da ya faru sau ɗaya ya zama hali. "Komai" da "duka" kuwa ba sa nuna ko'ina. Jimla ta uku ma ba ta taɓa aikin ba sam, asalinsa ta taɓa. Amsa ɗaya ce ke dacewa da irin wannan saƙo, ita ce mutum ya kare kansa, ko ma ya tambaye ni yaushe na koyi Hausar.

Sai na ɗauki biro na ƙirga wuraren da na ja wa layi, na sami 23. Guda 14 haruffa masu ƙugiya ne da aka rubuta ba ƙugiya, kamar "baki" a maimakon "baƙi". Guda 6 matsalar rabawa da haɗa kalmomi ce, kamar "ya na" a maimakon "yana", da "zasu" a maimakon "za su". Sauran 3 su ne "munka", "sunka" da "hwara". Da na sake sauraron hirar, sai na ji ashe haka dattijon ya faɗa, domin Basakkwace ne. Abokina ya rubuta abin da ya ji ne, kuma haka ya dace a yi wa maganar mutum. Ni ne na ɗauki karin harshe a matsayin kuskure, saboda daidaitacciyar Hausa kawai na saba gani a littafi.

Batun makara ma bai tsaya ba. Na duba saƙon da na tura masa tun farko, sai na ga "ƙarshen mako" na rubuta. Ni Juma'a nake nufi, shi kuma ya ɗauka har Lahadi, kuma yana da hujja. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ga takardar da na aika daga baya:

"Malam, barka da aiki. Na karanta hirar, na kuma gwada ta da muryar da muka ɗauka, ban ga inda ka tsallake maganar Baba ba, har Sakkwatancinsa ka bari yadda yake. Akwai abu biyu da ke buƙatar gyara kafin mu kai wa mai bugawa. Na farko, a wuri 14 ƙugiya ta faɗi, na sa musu alama. A shafi na 2, layi na 9, an rubuta 'ya bata kuɗin', mai karatu ba zai san ko 'ya ɓata' ko 'ya ba ta' ake nufi ba. Na biyu, a wuri 6 an raba ko an haɗa kalmomi saɓanin ƙa'ida, yawancinsu a shafi na 3. Ban fayyace maka ranar kawo aiki ba, wannan laifina ne. Za ka iya maido shi ranar Laraba da azahar? In na'urarka ba ta da haruffan, ka faɗa mini mu zauna tare."

Wani zai ce wannan lallashi ne kawai, ai gaskiya ɗaci gare ta. Ban yarda ba. Takarda ta biyu ta fi ta farko tsanani a kan aikin, domin ta ɗora masa kurakurai 20 da ba zai iya musu ba, ta kuma sa masa rana. Zagin ne kawai ya fita. Haka kuma yabon da ke farkonta ba zuma ba ce da aka shafa wa magani. Abu ne da na bincika na tabbatar, kuma yana gaya masa abin da bai kamata ya taɓa ba. Da ya bi umarnina na "sake shi duka", da wataƙila ya goge Sakkwatancin da ya fi komai armashi a hirar.

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda kunya da kara ke jawowa. Mutum ya rubuta "aiki ya yi kyau, sai dai a ɗan ƙara dubawa", ya ɗauka ya yi ladabi. Wannan da zagin duk jirgi ɗaya ne ya ɗauko su, domin babu wanda ya nuna wa marubuci inda zai sa hannu. Amfani da "an rubuta" a maimakon "ka rubuta" yana da kyau idan ana nuna layi, amma ba a fake da shi har a rasa wanda zai yi gyaran. Shi ya sa na ce masa "za ka iya maido shi".

Wannan hanya tana da iyaka. In da abokina ya saba makara da gaske, ba zan ɓoye ba, amma maimakon "kullum" zan kawo ranakun ɗaya bayan ɗaya, kuma baki da baki zan faɗa masa, mu biyu kawai, domin rubutu ba ya ɗauke da murya ko fuska.

Ranar Talata ya maido aikin. Ya gyara wuri 19, ya yi mini gardama a kan ɗaya, muka buɗe ƙamus muka ga nasa ne daidai. Tun daga ranar, kafin in aika wa kowa gyara, sai na nemi "kai", "kullum" da "duka" a cikin takardata, in sa lambar shafi a gurbinsu.