Sakan 43 na fim ɗin haƙƙina ne, waƙar kuwa satarta na yi

Ƴan uwa, yau da mu nake, mu masu ɗora bidiyon sharhin finafinai da waƙoƙi. Kuma da kaina zan fara, don kar wani ya ce na hau kujerar alƙali.

Bara na yi bidiyon sharhi na minti 11 a kan wani fim mai dogon zango da ake kallo a kusan kowace fada a Maraɗi. Abin da ya dame ni shi ne wani wuri da miji ke marin matarsa, aka bi marin da kiɗan ban dariya, wai a yi nishaɗi. Na ɗauko gutsure uku: sakan 14 na marin, sakan 9 na kiɗan da ya biyo baya, da sakan 20 inda uwar mijin ke cewa laifin matar ne. Jimilla sakan 43. Bayan kowane gutsure sai in tsayar da hoto in yi magana. Amma da yake ina son abin ya yi armashi, sai na shimfiɗa wata waƙar soyayya da ake yayi a ƙarƙashin muryata, a farko da ƙarshe, kusan minti uku. Waƙar ba ta cikin fim ɗin, ban kuma ce komai a kanta ba. A ƙasan bidiyon na rubuta abin da kowa ke rubutawa: ba ni da haƙƙin mallaka, "fair use" ne.

Ko awa ɗaya ba a yi ba aka toshe bidiyon. Na yi ta faɗa a fada cewa masu fim ne ke tsoron gaskiya. Da na natsu na duba, ashe waƙar ce aka kama. YouTube na da wata na'ura mai suna Content ID da ke gwada duk abin da aka ɗora da ajiyar sauti da hotunan da masu haƙƙi suka ba ta. In ta ji daidai, mai haƙƙin ne ke zaɓa: ya toshe, ko ya karɓi kuɗin talla, ko ya zuba ido kawai. Na'urar ba ta karanta rubutun da na yi a ƙasa, kuma wallahi ko alƙali ne ya karanta, ba abin da zai ƙara mini. Cewa "wannan ba nawa ba ne" ba izini ba ne. Wanda ya ɗauki babur ɗin maƙwabci ya manna takarda cewa babur ɗin ba nasa ba ne, ai shaida ya rubuta a kan kansa.

To mu tsaya a kan kalmar nan da muke jifa da ita kamar laya. Ma'anarta amfani na adalci, kuma dokar Amurka ce, sashe na 107 na dokarsu ta haƙƙin mallaka ta 1976. Ba ta ba kowa lasisi tun farko. Alƙali ne ke auna abu huɗu bayan an kai ƙara: me ka yi da abin, wane irin aiki ne ka ɗiba, nawa ka ɗiba, kuma ko ɗibar taka ta kashe wa mai shi kasuwa. Mu a Nijar tsarinmu daban ne, irin na Faransa muka gada. Muna cikin yarjejeniyar Berne, muna cikin ƙungiyar OAPI, muna da ofishin kare haƙƙin mawallafa, wato BNDA. A wannan tsari abin da aka halatta shi ne tsakure, kuma sashe na 10 na yarjejeniyar Berne ya gindaya masa sharuɗɗa: aikin ya riga ya fito ga jama'a ta halaltacciyar hanya, abin da ka ɗiba kar ya wuce abin da manufarka ke buƙata, ka yi shi bisa adalci, sannan ka ambaci inda ka ɗauko da sunan mai aikin. Ku lura da na farkon. Fim ɗin da aka sato kafin a sake shi, yana yawo a WhatsApp, ba ka da ikon tsakurarsa ko da sakan biyar ne.

Na san abin da wasu za su ce: ai in bai kai sakan 30 ba, ba matsala. Dan Allah wa ya faɗa muku? Babu wannan adadi a dokar Amurka, babu shi a yarjejeniyar Berne. A 1985 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan mujallar The Nation, wadda ta kwafi kalmomi wajen 300 kacal daga littafin tarihin rayuwar tsohon shugaba Gerald Ford kafin ya fito. Littafi ne mai ɗaruruwan shafuka, amma mujallar ta faɗi, domin abin da ta ɗauka shi ne zuciyar littafin, wato bayanin yadda ya yafe wa Nixon. A waƙa ma haka yake. Sakan 20 na amshi na iya zama duk abin da ake nema a waƙar. A fim kuma, wurin da asiri ke tonuwa a kashi na ƙarshe ya fi minti goma na tsakiya nauyi.

Ta ɗaya ɓangaren, mai yawa ma na iya halatta. A 2017 wata kotun New York ta saurari ƙarar da Matt Hosseinzadeh ya shigar a kan Ethan da Hila Klein, masu tashar h3h3Productions. Sun ɗauki wajen minti uku daga bidiyonsa na minti biyar da ƴan kai, fiye da rabi ke nan, suka saka a nasu mai kusan minti 14. Mai shari'a Katherine Forrest ta ba su gaskiya, saboda gutsure-gutsure suka yi, kowanne suka bi shi da suka da ba'a, kuma wanda ya kalli nasu bai samu madadin na asalin ba. Amma ta ja kunne cewa ba kowane bidiyon martani ne ya cancanci wannan kariya ba, domin wasu kallon taro ne kawai babu sharhi. Wannan jan kunnen da mu yake. Ka sa fuskarka a lungun allo, waƙa na tafiya daga farko har ƙarshe, kai kana gyaɗa kai kana cewa "kai, wuta!" Wannan ba sharhi ba ne, gidan kallo ka buɗe.

Saboda haka ga ma'aunin da nake amfani da shi yanzu. Kowane gutsure ina tambayar kaina: hujja ce ko ado? In na cire shi, maganata za ta rasa shaida? Marin nan in na cire shi, mai kallo zai ce ƙari nake yi, don haka hujja ce. Waƙar soyayyar kuwa in na cire ta, ba abin da ya ragu daga hujjata sai daɗin kunne. Ado ce, kuma ado saye ake yi ko a roƙa. Na cire ta, na sake ɗora bidiyon da muryata zalla, na rubuta sunan fim da na darakta da lambar kashin a kan kowane gutsure.

Wani abokina ya ce ai da na tura wa mawaƙin saƙo, da ya yarda. Wataƙila. Amma waƙa ɗaya haƙƙi biyu ke kanta: na wanda ya tsara baiti da kari, da na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa. Sau da yawa mawaƙi ya riga ya miƙa sautin ga kamfanin rarrabawa, kamfanin ne ya yi masa rajista a na'urar. Sai ka ga mawaƙi ya ce maka "ba komai ɗan uwa", na'ura kuma ta toshe ka. In za ka nemi izini, tambayi wa ke riƙe da sautin, kuma a ba ka a rubuce.

Yanzu bari in juya ga masu fim, don labarin bai ƙare nan ba. Mako biyu bayan na gyara, bidiyon ya fara yawo, sai ga takardar neman a sauke shi daga ɓangaren masu fim ɗin, a kan sakan 43 ɗin nan. Wannan ba irin da'awar na'ura ba ce. Da'awar na'ura bidiyo ɗaya take shafa. Takardar saukewa kuwa gargaɗi take jawo wa tasharka, yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, in suka kai uku a rufe tashar gaba ɗaya. Hanyar kare kai ita ce ka shigar da martani a hukumance, ka ba da cikakken sunanka da adireshinka da lambar wayarka, a miƙa wa wanda ya kai ka ƙara, ka kuma amince da hurumin kotun Amurka. Daga nan yana da kwanakin aiki 10 ya nuna ya shigar da ƙara kotu, in bai yi ba a maido da bidiyon. Na kwana biyu ina tunani, domin miƙa adireshinka ga wanda ke fushi da kai ba wasa ba ne. Na shigar. Ba su je kotu ba, bidiyon ya dawo.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a lokacin akwai tashoshi da suka ɗora kashin nan sukutum, babu wanda ya taɓa su. Wanda ya sace fim ɗin duka an bar shi, wanda ya soki sakan 43 aka bi. To haƙƙi ake karewa ko suna? Haƙƙin mallaka an yi shi ne don mai aiki ya ci guminsa. Ba a yi shi don rufe bakin mai suka ba, shi ya sa dokar da ta ba ku haƙƙin ita ce ta keɓe tsakure. In sai da izininku za a nuna wurin da kuka yi kuskure, to ba wanda zai saura sai ƴan amshin shata.

Amma mu ma mu ji tsoron Allah. Ba za mu iya tsayawa mu ce muna da ƴancin suka ba alhali rabin bidiyonmu kayan mutane ne da muka kwasa don ado. Mawaƙin da ya biya kuɗin situdiyo a Damagaram ko Kano daga aljihunsa, shi ma talaka ne irinmu. Na iya shigar da martani a kan sakan 43 ne saboda na san zan iya kare kowane sakan a gaban kowa. Da waƙar nan na nan a ciki, da bakina ya mutu.

Kafin ka danna ɗorawa, buɗe aikinka ka bi gutsuren ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka yi magana a kansa, rage shi zuwa iya abin da maganar ke buƙata, ka sa sunan mai shi, ka tsaya a kansa ko wa ya yi barazana. Wanda ba ka ce komai a kansa ba, cire shi ko ka je ka nemi izini. Wanda kuma aka taɓa sauke wa bidiyo don ya faɗi gaskiya, ya adana takardar da ainihin bidiyon, domin wannan magana ba mu gama ta ba.