Dayamon ɗin Kyauta da Masu Cewa "Gwadawa Ba Laifi"

'Yan uwa, mun gaji da masu tura wa ƙannenmu adireshin shafukan da ke alƙawarin dayamon 10,000 na Free Fire kyauta, wai a gwada, ba a san inda rana za ta faɗi ba. To, mu mun sani.

Lissafin dayamon yana can a rumbun kamfanin Garena, don haka babu shafin da zai iya ƙirƙiro ko ɗaya. Abin da shafin yake yi shi ne ya karɓi lambar ɗan wasa, ya juya wani kewaye, ya ce an ci. Daga nan sai ya fito da akwati mai tambarin Facebook yana neman kalmar sirri. Mu dubi adireshin da ke sama: in ba facebook.com ba ne, ɓarawo ne. Ko mu rubuta suna da kalmar sirri na ƙarya. Facebook na gaskiya zai ƙi, na bogi kuwa sau da yawa sai ya karɓa, har da "Congratulations", don aikinsa adana abin da aka rubuta.

Masu "cike asusu a rabin kuɗi" ma haka suke. Mai sayarwa na gaskiya lambar ɗan wasa ta ishe shi. Me ya kai shi tambayar kalmar sirri, ko lambar da aka turo ta waya?

Ba wasan kaɗai ake rasawa ba. Da Facebook ɗin yaron za a bi danginsa, ana roƙon kuɗin asibiti da sunansa.