Neman izinin fita Sallar Juma'a a wurin aiki: a yi lissafi kafin a buɗe baki

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke aiki a kamfanoni masu zaman kansu, da ɗalibanmu da ke koyon aiki inda ba a tashi da wuri ranar Juma'a, suna tsakanin hali biyu. Wani ya yi shiru saboda tsoron kora har Juma'o'i su wuce shi, alhali hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya bar Juma'a uku don sakaci. Wani kuma ya shiga ofishin shugabansa da ɗaga murya, ya fito da ƙiyayya maimakon izini. A ganinmu, maganin duka biyun shi ne mutum ya san iyakar abin da aka wajabta masa, ya nemi wannan kaɗai.

Aya ta 9 a Suratul Jumu'a ta umarce mu da barin ciniki idan an yi kiran salla, aya ta 10 kuma ta ba mu damar watsuwa neman falalar Allah da zarar an idar. Ke nan wajibin yana da farko da ƙarshe: tafiya, huɗuba, raka'a biyu. Tsayawa gaisawa a ƙofar masallaci, da biyawa kasuwa, da cin abinci a gida ba sa ciki. Wanda ya cusa su cikin buƙatarsa da sunan addini ya nemi abin da ba haƙƙinsa ba.

Mu ɗauki misalin ma'aikacin da ake tashi aiki ƙarfe 4:00 a wurinsu, kuma yana da hutun awa ɗaya da rana. Masallaci mafi kusa yana fara huɗuba 1:30, a sallame 2:00, tafiyar kuma minti 20 ce. Zai fita 1:10, ya dawo 2:20, wato minti 70. Idan aka cire hutunsa, minti 10 kacal yake nema, tare da matsar da lokacin hutun. In kuwa masallacin ya yi nisan da dawowa ba ta da amfani, ya fita 1:00, to awa uku ne suka rage. A cire ta hutu, saura biyu. Zai iya biyan su da ƙarin rabin awa kullum daga Litinin zuwa Alhamis.

Da wannan lissafi zai tunkari shugabansa a farkon mako, ba da hantsin Juma'a ba, kuma a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Yana iya cewa: "Ranka ya daɗe, ina neman alfarma. Muna da sallar da ba a yin ta sai cikin jam'i, sau ɗaya a mako. Ina so a ba ni dama in riƙa fita ƙarfe ɗaya da minti goma, in dawo biyu da minti ashirin. Zan kammala aikin gaggawa kafin in fita, abokin aikina kuma ya yarda ya kula da teburina. Ko akwai tsarin da ya fi muku sauƙi?" Maganar ta faɗi dalili a taƙaice, ta ƙayyade lokaci, ta nuna aiki ba zai tsaya ba, sannan ta bar wa shugaba girmansa. In ya amince, a rubuta a taƙaice, domin kada a sake roƙo kowane mako.

Wani zai ce: ai haƙƙi ne, sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar da 'yancin addini, me ya kawo roƙo? Haka ne, amma wanda aka fara yi wa magana da doka yakan ji kamar an kai shi ƙara, sai ya shiga kare kansa. A ajiye wannan sai an ƙi ba tare da dalili ba, a kai batun ga sashen kula da ma'aikata a rubuce, cikin ladabi. Taushin harshe ba ya rage wajibi: a aya ta 44 ta Suratu Ɗaha an umarci Annabi Musa da Annabi Haruna (AS) su yi wa Fir'auna magana mai taushi, balle shugaban da galibi bai ma san tsawon sallar ba.

Abin da ke rushe izini bayan an samu shi ne saɓa alkawari. Wanda ya ce 2:20 ya dawo 3:30 ya rufe ƙofa ga Musulmin da zai nema bayansa. Mu dawo a kan lokacin da muka faɗa, mu biya abin da muka ɗauka. Allah Ya sa mu dace.