Komen Rabi: Abin da Darasin Adabi Ke Tsallakewa a Alhaki Kwikwiyo Ne

Duk wanda ya zauna a ajin adabin Hausa ya san yadda ake feɗe ƙagaggen labari: a fito da jigo, a warware shi, a dubi zubi da tsari, sannan salo da taurari. Idan aka zo kan Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, amsar da ɗalibi ya fi saurin bayarwa ita ce jigonsa sakayya. Sunan littafin ma karin magana ne da ke nuni ga haka. Amsar ba kuskure ba ce, amma a ganina ta tsaya a rabin hanya, domin ta mayar da Alhaji Abdu cibiyar labarin, alhali nauyin labarin yana wuyan Rabi.

Mu tuna yadda abin ya gudana. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, yana da rufin asiri, amma yana ƙuntata wa matarsa Rabi da 'ya'yansu tara. Ya auro Delu, macen da ta daɗe a zaman kanta, rikici ya ɓarke, ya saki Rabi, ta fita da 'ya'yanta. Da sana'ar sayar da abinci ta riƙe su, har 'yarta Saudatu ta auri attajiri, Alhaji Abubakar. Daga baya gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, zamansa da Delu ya watse, ya dawo yana neman kome.

Tambayar da ya kamata malami ya fara jefa wa aji ita ce: a kowane mataki na labarin, haƙƙin wa ne ciyarwa, kuma wa ya ciyar? A fiƙihun Malikiyya da al'ummar littafin ke bi, ci da sha da sutura da muhalli wajibi ne a kan miji. Saki ba ya sauke wa uba nauyin 'ya'yansa, ko da renonsu yana hannun uwa. Idan ɗalibi ya ɗora labarin a kan wannan ma'auni, zai ga laifin Alhaji Abdu bai fara ranar da ya yi amarya ba. Ƙarin aure halal ne, tauye ciyarwa kuwa zalunci ne, kuma ya riga zuwan Delu. Ɗalibin da ya rubuta cewa kishiya ce ta rusa gidan ya ɗauke laifin daga kan mai shi ya aza wa mace, wanda shi ne ainihin halin da marubuciyar ke suka.

Sai kuma ƙarshen littafin, inda gardamar take. Rabi ba ta yi marmarin komawa ba. Ta riga ta tsaya da ƙafafunta, ta ɗanɗani zaman da babu wulaƙanci. Mazan da ke kewaye da ita, har da surukinta, su ne suka matsa mata ta haƙura. Ta koma, kuma ita ce mai ɗaukar nauyin gidan, wato aikin da tun farko na mijin ne. Mutanen da ba su iya tilasta wa Alhaji Abdu sauke wajibinsa ba, sun iya tilasta wa Rabi yin abin da shari'a ba ta wajabta mata ba, domin macen da iddarta ta cika ba a mayar da ita sai da yardarta da sabon ɗaurin aure.

Akwai masu cewa wannan ƙarshe ja da baya ne, marubuciyar ta ji tsoron barin Rabi ta ci gashin kanta. Wasu kuma na ganin nasarar haƙuri ce da haɗuwar iyali. Hujjar ɓangare na biyu tana da ƙarfi: 'ya'ya tara suna buƙatar uba, kuma mutuncin Saudatu a gidan mijinta yana da alaƙa da halin da mahaifinta ke ciki. Sai dai duka ɓangarorin sun ɗauka marubuciyar hukunci take yankewa. Ni ina ganin hoto ta ɗauka. Ta nuna yadda kalmar haƙuri ke sauka a kan wanda ya fi sauƙin lanƙwasawa, ta bar mai karatu da ɗacin abin a bakinsa.

Saboda haka, maimakon a tambayi ɗalibi darasin da Alhaji Abdu ya koya, a ba shi babin ƙarshe, a ce ya lissafa waɗanda suka yi magana a kan komen, da abin da kowannensu zai samu idan Rabi ta amince, sannan ya nemo abin da ita Rabi ta samu.